Na manta fasawod ɗin Ubuntu ɗina, dole sai na yi fomatin?

Salam 'yan'uwa, don Allah a taimaka. Laftop ɗina mai Ubuntu 22.04 na yi wata huɗu ban kunna ta ba, yau na zo shiga fasawod ya ɓace min kwata-kwata, na gwada duk wanda na sani ya ƙi. Ayyukan furojet ɗina duk suna ciki. Wani abokina ya ce sai dai a yi fomatin a sake sa sabo. Babu wata hanya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka bari kowa ya yi maka fomatin don Allah, abokin naka inaga tsohon ɗan Windows ne. In dai ba a kulle diskin da inkirifshin ba (zan dawo kan wannan a ƙasa) aikin minti biyar ne kuma ko fayil ɗaya ba zai taɓu ba. Na yi wa kaina, na yi wa mutane ban san adadi ba.

Abu ɗaya ka fara sani, tsohon fasawod ɗin ya tafi, ba wanda zai iya karanto maka shi. Linux ba ya ajiye shi a rubuce, abin da ke cikin `/etc/shadow` wani dunƙulallen lissafi ne da aka fitar daga fasawod ɗin wanda ba a juya shi baya. Abin da za mu yi shi ne mu shiga a matsayin root, wato mai gida, shi kuma mai gida in zai canja wa wani fasawod ba a tambayarsa tsohon, sabo kawai zai ɗora a kai.

To ka kashe kwamfutar gaba ɗaya ka kunna. Muna neman menu ɗin GRUB ne, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Ubuntu ya tashi, wanda in Ubuntu ne kaɗai a kan na'urar yakan ɓoye kansa. Da zarar tambarin kamfanin laftop ɗin ya wuce, in tsohuwar na'ura ce mai BIOS ka danne Shift ka riƙe, in kuma UEFI ce, wanda yawancin na yanzu su ne, Esc za ka taɓa. Nan ne mutane ke fara tuntuɓe, saboda zumuɗi sai mutum ya yi ta dukan Esc kamar ganga, sai ya zarce menu ɗin ya faɗa baƙin allo mai `grub>` kawai yana ƙifta masa ido. In haka ta faru kar ka tsorata ba abin da ya lalace, rubuta `normal` ka danna Enter, sai ka taɓa Esc sau ɗaya tak. Ko ka sake kunnawa ka gwada da natsuwa, ni kaina wani lokacin sai a karo na uku nake dacewa da lokacin.

In menu ya fito ka sauko da kibiya kan `Advanced options for Ubuntu`, ka shiga, za ka ga jerin layuka bibbiyu, ka zaɓi na sama wanda ƙarshensa ke da `(recovery mode)`. Rubutu zai yi ta gudu a allo, ka ƙyale shi, daga baya wani ɗan akwati zai fito mai zaɓuɓɓuka irin su `resume`, `clean`, `dpkg`, `fsck`, `network`, `root`. Namu shi ne `root`, wanda aka rubuta `Drop to root shell prompt` a gefensa. Zai ce maka `Press Enter for maintenance`, ka danna Enter. Za ka ga layi a can ƙasa yana ƙarewa da alamar `#`, shikenan ka zama mai gida.

Kafin ka taɓa komai, fara buga wannan:

```
mount -o remount,rw /
```

Ka lura tsakanin `remount,rw` waƙafi ne babu tazara, sannan tazara kafin `/` ɗin ƙarshe. In ya yi aiki ba zai ce maka komai ba, shiru zai yi ya ba ka sabon layi, a Linux shiru alamar nasara ce. Dalilin wannan umarnin, rikabari a wasu fitowar yana buɗe diskin ne a yanayin karatu kaɗai, kana iya gani amma ba ka iya rubutawa, don kar a ƙara ɓata diski mai matsala. Canja fasawod kuwa rubutu ne a cikin `/etc/shadow`. Wasu sababbin fitowar suna buɗe shi a shirye, amma ko da haka ne bugawar ba ta cutar da komai, shi ya sa ni kullum nake bugawa.

Wannan layin fa ya taɓa cinye min dare guda. Farkon fara amfani da Linux ɗina na manta nawa, na bi duk matakan nan har na zo `passwd`, na sa sabon fasawod sau biyu lafiya lau, sai kawai ya watso min

```
passwd: Authentication token manipulation error
passwd: password unchanged
```

Ni a tunanina fasawod ɗin ne bai yi masa ƙarfi ba, na ƙara lambobi, na ƙara alamomi, na yi mai tsawo kamar addu'a, duk amsa ɗaya, har na ɗauko filash zan sake sa sistem ɗin, ashe diskin ne kawai ke kulle da rubutu. Duk wanda ya ga saƙon nan a rikabari abu na farko da zai duba kenan.

Sai sunan akawun ɗinka. Sunan da kake gani a allon shiga mai manyan baƙaƙe da tazara ba lallai shi ne sunan da sistem ya san ka da shi ba. Buga

```
ls /home
```

za ka ga folda mai sunan, yawanci ƙananan baƙaƙe ne a haɗe. A ce ka ga `dalibi`, sai ka buga

```
passwd dalibi
```

Kar ka manta sunan, don in ka buga `passwd` tsurarsa to na root ka canja ba naka ba, ka fito ka ga har yanzu ƙofa a rufe, kuma ka jawo wa kanka wata 'yar matsalar da zan faɗa yanzu. Zai ce `New password:` ka rubuta, ba za ka ga komai yana fitowa ba, ko tauraro ko ɗigo, kibod ɗinka lafiyarsa ƙalau haka aka yi shi. Ka maimaita, in ka ga `passwd: password updated successfully` an gama. Idan ya yi ƙorafin `BAD PASSWORD` gargaɗi ne kawai, root yana iya wucewa.

Shawarata a nan ka sa mai sauƙi na wucin gadi, ƙananan baƙaƙe da lambobi zalla, in ka shiga ka canja zuwa na kirki. Tsarin kibod a baƙin allon nan yana iya saɓawa da wanda kake amfani da shi a ciki, musamman alamomi irin `@` da `#` da `"` da ke canja wuri tsakanin tsarin Amurka da na Birtaniya, tunda kuma ba ka ganin abin da kake bugawa sai ka sa abu daban da wanda kake zato ka sake kulle kanka a waje. Bayan nan ka buga `reboot`. Za ka iya `exit` sannan `resume`, amma sau da yawa allon zai fito da manyan gumaka bambaraƙwai saboda rikabari yana tashi ne da `nomodeset`, mutum sai ya zaci ya ɓata wani abu.

Yanzu in maimakon Enter ɗin can sai ka ga `Give root password for maintenance`, ma'ana an taɓa sa wa root fasawod a na'urar. Ubuntu yana zuwa ne da akawun ɗin root a kulle ba fasawod, shi ya sa rikabari ke barinka ka wuce, amma da zarar wani ya sa masa to zai riƙa tambaya. Hanyar zagayawa ita ce ka koma GRUB, ka tsaya kan layin `Ubuntu` na farko, ka danna `e`. Nemi layin da ya fara da `linux`, wajen ƙarshensa akwai `ro quiet splash $vt_handoff`, ka goge su ka sa

```
rw init=/bin/bash
```

sai Ctrl+X ko F10. Abin da ka yi shi ne ka ce wa kanel kar ya tada sistem ɗin yadda ya saba, ya ba ka bash kai tsaye, babu shirin da zai tare ka da tambaya. Gyaran na tashi ɗaya ne, ba ya zama. Daga nan `passwd dalibi`, ko `passwd root` in na root ɗin ne ya ɓace. Fitar ce ke da ɗan bambanci, `reboot` zalla yakan ƙi saboda systemd bai tashi ba, sai ka yi

```
sync
reboot -f
```

`sync` ɗin ne ke tabbatar abin da ka rubuta ya sauka kan diski. Hanyar nan tana yi a Debian ma. Masu Fedora da danginsu kuma akwai ƙarin `touch /.autorelabel` kafin a fita saboda SELinux, in ba haka ba sabon fasawod ɗin ma zai iya ƙin shiga, amma wannan ba taka ba ce.

Bayan ka shiga, kar ka yi mamaki in wani akwati ya fito yana cewa fasawod ɗin shigarka bai dace da na `login keyring` ba. Wannan wata 'yar ma'ajiya ce da GNOME ke zuba sirrika a ciki, kuma da tsohon fasawod ɗin aka kulle ta, root bai isa ya buɗe ta ba. In ka tuna tsohon daga baya sai ka buɗe ta da shi. In ba haka ba ka kawar da fayil ɗin, za a ƙirƙiri sabo in ka fita ka sake shiga:

```
mv ~/.local/share/keyrings/login.keyring ~/login.keyring.tsoho
```

Na fi son matsarwa a kan gogewa, don fasawod yana da halin faɗo wa mutum a rai bayan sati yana tsaka da wani abu daban. Amma ka sani fasawod ɗin shafukan da ka adana a Chrome za su iya tafiya da ita in ba ka haɗa su da akawun ɗinka ba, fayilolin furojet ɗinka dai babu ruwansu.

Saura maganar inkirifshin da na ce zan dawo. Ka tuna, da can in ka kunna laftop ɗin, tana tambayarka wani fasawod tun kafin allon da ke nuna sunanka ya fito, da rubutu kamar `Please unlock disk`? In eh, to diskin a kulle yake da LUKS, kuma wannan fasawod ɗin daban ne da na akawun. In kana tune da shi ba matsala, rikabari zai tambaye ka shi a hanya, ka sa ka ci gaba da duk abin da na faɗa. In kuwa shi ne ya ɓace, gaskiya ɗaya ce, babu rikabari babu filash babu mai gyaran da zai buɗe shi, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai fasa maka ka riƙe kuɗinka. Abin da ya rage shi ne ka zauna ka rubuto duk irin fasawod ɗin da ka saba sawa ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, har da Caps Lock a kunne da a kashe, kuma kar ka bari a taɓa diskin kafin nan.

Tunda ka ce ka gwada duk wanda ka sani ya ƙi, ina kyautata zaton a allon sunanka kake maƙale ba a na diski ba. Gwada ka gani, in wani saƙo ya fito wanda ban ambata ba ka ɗauki hoton allon da waya yadda rubutun zai karantu ka turo.