Hular Baba ta daina shigarsa, ALP ɗinsa ya kai 620

Tambaya: Salam likita. Mahaifina shekararsa 68, ya daɗe yana fama da ciwon ƙugu har da dare, hularsa ta daina shiga kansa, jinsa ma ya ragu. Gwajin jini ya nuna ALP 620, an ce cutar Paget ce wai za a sa masa ƙarin ruwa na bisfosfonet. Kansa ce? Kuma maganin zai mayar da kan nasa yadda yake?

Wa alaikis salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Cutar Paget ba kansa ba ce, wato ba ciwon daji ba ne, amma ina so a tabbatar Paget ɗin ce kafin a ɗaura masa ruwan.

Ƙashi kullum cikin sabuntawa yake, wasu ƙwayoyi na cinye tsoho wasu na gina sabo a gurbinsa. A wannan cuta masu cinyewar ne suke zarmewa a ƙashi ɗaya ko 'yan kaɗan, sai masu ginin su bi su a guje, kamar magini da aka matsa wa lamba yana jera bulo ba awo ba ma'auni, katangar ta yi kauri amma ba ƙwari. Shi ya sa ƙashin ke girma, ya lanƙwashe, wani lokaci ma ki taɓa wurin ki ji ɗumi don jini ya yi yawa a ciki. Ta fi son ƙashin ƙugu, ƙashin baya, cinya, ƙoƙon kai da ƙwauri. In ƙoƙon kai ya yi kauri hula ta matse, ƙashin da ke kewaye da kunnen ciki ya taɓu, ji ya ragu. ALP ɗin kuwa sinadari ne da ake aunawa a jini, masu ginin ne ke fitar da shi, a babba yawanci ba ya wuce 130, to 620 na nufin aiki ake ba dare ba rana.

Inda nake so ki tsaya shi ne nan. Sir James Paget ya bayyana cutar a Landan a 1877, kuma har yau ta fi yawa a Ingila da jikokin Turawan da suka koma Ostareliya da New Zealand, a Afirka ba kasafai ake ganinta ba. Don haka dattijo mai ciwon ƙugu da ALP a sama, dole a auna masa PSA, gwajin jinin furostet, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza, saboda kansar furostet in ta bazu ƙashin baya da na ƙugu take yawan nufa kuma a hoto tana iya kama da wannan. Hanta ma na fitar da ALP, don haka a duba gwajin hanta na GGT, in yana daidai to ba daga hanta ALP ɗin ya fito ba. Kalsiyam da fosfet daidai suke zama a Paget, in sun yi ƙasa sai a yi zargin ƙarancin bitamin D. A eksire kuma ƙashin Paget ya fi ɗan'uwansa na ɗaya gefen girma da kauri, kansa ba ta cika ƙara wa ƙashi girma ba. Gaskiya maganar hular nan ta sa na fi karkata ga Paget, amma a yi gwajin dai.

In ta tabbata, maganin da ya fi aiki shi ne zoledronet, wani nau'in bisfosfonet ɗin da aka faɗa miki, miligiram 5 ta jijiya sau ɗaya, a bar shi ya shiga a hankali aƙalla minti 15. Yana manne wa ƙashi ya kashe kaifin masu cinyewar, kuma ɗaurawa ɗaya kan riƙe mutum shekaru. Kafin nan a auna ƙoda, in ma'aunin aikin ƙodar, wato eGFR, bai kai 35 ba ba a bayarwa. A gyara bitamin D da kalsiyam tukuna, in ba haka ba kalsiyam zai iya faɗuwa bayan ruwan, ya ji leɓe da yatsu na mirmir tsoka na ɗaurewa, wannan a koma asibiti nan take. In akwai haƙorin cirewa a cire kafin, kuma ya sha ruwa sosai ranar. Kwana ɗaya zuwa uku bayan ruwan zazzaɓi da ciwon jiki na iya rufe shi, farasitamol ya isa, kar a ce maganin ne bai karɓe shi ba.

Bayan wata uku zuwa shida a sake ALP, muna so mu ga ya sauko daidai ko kusa. Ciwon ƙashin kan lafa sosai. Sai dai kan ba zai koma yadda yake ba, jin da ya tafi ma magani ba ya dawo da shi, a kai shi a auna kunne a duba na'urar ji. In ALP ya sauka ƙugun bai daina ba, galibi gaɓar ce ta cinye saboda ƙashin ya karkace, maganinta daban, wani har sai an canza gaɓar. Amma in wata rana ciwon ya canza kama farat ɗaya ko wurin ya kumbura, a sake hoto da gaggawa, ko tsagewa ce, ko kansar ƙashi wadda ke samun ƙasa da mutum 1 cikin 100 na masu cutar.