Baffana ya rasu a Daura: yadda za ka rubuta takardar neman hutun makoki

Tambaya: Barista, shekarata 2 ina aikin sito a wani kamfani mai zaman kansa a Katsina. Safiyar Talata baffana, yayan mahaifina wanda ya riƙe ni tun ina yaro, ya rasu a Daura. Na kira manaja ya ce in tafi, Allah ya ji ƙansa. Yau Laraba abokin aikina ya ce an rubuta ni cikin masu fashin aiki. Ina son in zauna har Juma'a. Mene ne haƙƙina?

Amsa: Malam, Allah ya ji ƙan baffa, ya ba ku haƙuri.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta tanadi hutun rasuwa ba. Sashe na 18 ya ba ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki hutun shekara na aƙalla kwana 6 da cikakken albashi, sashe na 16 kuma ya yi maganar hutun rashin lafiya har kwana 12. Makoki ba ya cikinsu. Saboda haka haƙƙinka yana cikin takardar ɗaukarka aiki da kundin ƙa'idojin kamfanin, su za ka fara dubawa.

A nan ne baffa zai iya zama matsala. Irin waɗannan kundaye sukan lissafa uba, uwa, mata ko miji da 'ya'ya, su tsaya. Mu a gida wanda ya riƙe ka uba ne, ba mai musu, amma mai lissafin albashi abin da ke rubuce yake bi. Idan kundinku bai ambaci baffa ba, abin da za ka nema alfarma ce, kuma takardar ta fito da siffar roƙo. Kada ka rubuta "mahaifina" don ka shiga lissafin. Katsina da Daura ba nisa, wani daga ofis zai zo gaisuwa ya tarar da mahaifinka zaune kan tabarma, daga nan magana ta tashi daga fashin aiki ta koma ƙarya.

Izinin da manaja ya ba ka ta waya izini ne, sai dai ba shi da shaida. Jana'izarmu ba ta jiran takarda, ana sallatar mamaci a binne shi a ranar, don haka takardar takan biyo baya. Aika ta yau daga Daura ta saƙon waya ko imel, ka ajiye kwafi, ka miƙa ta hannu ranar da ka koma. Ga yadda za ta kasance, in ofishinku da Turanci ake rubutu sai ka juya ta:

"Ranka ya daɗe, ina sanar da kai rasuwar baffana wanda ya riƙe ni, ranar Talata 6 ga Mayu a Daura. Bisa izinin da ka ba ni ta waya da safiyar ranar, na tafi jana'iza. Ina roƙon hutu daga Talata 6 zuwa Juma'a 9 ga Mayu. Zan dawo Katsina yammacin Juma'a, in kama aiki Litinin 12 ga Mayu. Makullin sito yana hannun mataimakina, wayata kuma a buɗe take. Na gode."

Jimlar da ta ambaci izinin waya ita ce ƙashin bayan takardar. In manaja ya karanta bai musa ba, ko ya amsa da "to" kawai, ka sami shaidar da jiya ba ka da ita. Ranar komawa aiki kuma a faɗe ta da kwanan wata. "Bayan an tashi daga makoki" ba rana ba ce, domin wani gidan kwana uku ne, wani sai an yi bakwai. Ba sai ka ba da labarin jinya ba.

Kwana 4 na aiki kake nema. A ce kundin ya ba da 3 kuma an yarda a sa baffa ciki, sai ka nemi a cire na huɗun daga hutunka na shekara. In an ƙi sa shi, a cire duka huɗun daga can, tunda ka cika wata 12, amma fa sai kamfani ya amince da lokacin. In ka riga ka cinye hutun, saura hutu ba albashi. Asarar kuɗin kwana huɗu ta fi a rubuta maka fashi ba izini a fayil, wanda ake iya kafa hujjar sallama da shi.

Idan sun nemi shaida, takardar asibiti ko ta rajistar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta wadatar. In a gida ya rasu, tambaye su ko za su karɓi wasiƙar mai unguwa.

In duk da haka aka ba ka takardar tuhuma, amsa ta a rubuce cikin wa'adin da aka sa, ka haɗa da kwafin saƙonka da hoton lokacin kiran da ka yi wa manaja. Rikicin sallama ko yanke albashi Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta Ƙasa ke saurarensa, ƙarƙashin sashe na 254C na tsarin mulki, sai dai kuɗin kwana huɗu bai kai wahalar shari'a ba. Kafin la'asar ta yau, tura saƙon.