Ribar takardar lamunin da aka saya ƙasa da darajarta

"Na sayi takardar lamunin sefa 10,000 a kan 9,500 a Garwa, tana biyan 600 duk shekara har shekara uku. Nawa ne ainihin ribata?"

Malam, tunda ka saya da rangwame, ribar ta wuce kashi 6 cikin ɗari a shekara da 600 ke bayarwa a kan 10,000, don haka fara gwada kashi 7. Kason da ake nema shi ne wanda zai sa jimillar lissafin nan ta yi daidai da farashinka. Raba 600 na farko da 1.07, na biyu ka raba shi da 1.07 har sau biyu, sannan 10,600 na ƙarshe, wato 600 na uku da uwar kuɗi 10,000 da za a mayar maka, ka raba shi da 1.07 har sau uku. Jimillar 9,738 ce, ta haura farashinka. Kashi 8 kuwa yana ba da 9,485, ya gaza, ke nan amsar tana tsakaninsu, kusa da 8. Ga yadda za ka ƙiyasta kason:

`7 + (9738 − 9500) / (9738 − 9485) = 7.94`

Kada ka zaɓi kaso biyu masu nisa da juna, domin farashi ba ya sauka a miƙaƙƙen layi, kuma amsar za ta ɗara gaskiya.