Alamar T a taswirar duwatsu

Tambaya: Salamu alaikum. Ina da taswirar duwatsun wani fili a wajen Kumasi. Akwai alama kamar T da lamba 30, ga layuka, wasu a tsinke. Me suke nufi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dogon layin T ɗin yana nuna inda shimfiɗar dutsen ta miƙe a kwance. Guntun kuwa yana nuna ɓangaren da ta karkata ta nutse ƙasa, 30 ɗin kuma digirin karkatar ne. Kada ka ɗauke shi gangaren tudu, nan mutane suka fi kuskure: tudu na iya gangarawa yamma alhali dutsen ya karkata gabas.

A ce guntun ya nuna gabas, filin kuma a daidaice yake. Daga inda dutsen ya ɓullo, in ka yi mita 100 gabas, za ka same shi a zurfin 100 × tan 30°, wato kusan mita 58. In ka nufi yamma, wannan shimfiɗar ba ta ƙarƙashinka.

Cikakken layi iyaka ce tsakanin duwatsu biyu da aka tabbatar; tsinkakke ƙiyasi ne, kada ka dogara da shi wajen haƙa rijiyar burtsatse. Kafin haƙa, kira masanin duwatsu ya auna wurin, domin lanƙwasa ko tsaga na rushe lissafin nan.