Babi na biyu ya dawo da jan biro: yaya ake mayar da bita ta zama muhawara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yin digiri na biyu a tarihi, bincikena a kan labarin Bayajidda ne da kafuwar sarauta a ƙasar Hausa. Na yi bitar ayyuka kusan arba'in, shafi talatin, amma mai duba aikina ya dawo mini da babin, ya rubuta "wannan jeri ne, ina muryarki?" Saura wata biyu in gabatar, hankalina ya tashi. In ƙara wasu ayyukan ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, Malama, wata biyu ya isa, kuma kada ki ƙara ko aiki ɗaya. Karatun kin riga kin yi, abin da ya rage shi ne ki sa marubutan nan su fuskanci juna.

Ko ban ga babin ba na san fasalinsa. Kowane sakin layi ya fara da sunan mutum da shekara, ya faɗi abin da ya yi, ya rufe da jimlar nan da ta addabe mu: "Wannan aiki yana da alaƙa da nawa domin duka suna magana a kan Bayajidda, sai dai sun bambanta domin shi ya yi a Daura, ni kuma a Katsina." Ki gwada wani abu yau. Ɗauki sakin layi na uku ki musanya shi da na goma sha biyu. In babin bai ji komai a jikinsa ba, to babu zaren da ya ɗinke shi, abin da malaminki ke nufi da jeri ke nan.

Ga yadda za ki yi da ayyukan da ke hannunki. Ki ja jadawali, kowane aiki layi guda, da gurabe uku: wace amsa ya bayar, da wace hujja ya dogara, kuma da wa yake jayayya. Gurbi na uku shi ɗalibai ke tsallakewa, alhali can maganar take. Da kin cike za ki ga arba'in ɗin nan sun rabu gida uku ko huɗu, wasu kuma maimaita na gaba da su kawai suka yi. Irin waɗannan ambato ɗaya a ƙarshen jimla ya ishe su.

Mu gwada da fanninki. Palmer, wanda ya fassara tarihin sarakunan Kano a 1908, ya ɗauki labarin Bayajidda a matsayin tunawa da zuwan baƙi, har ya danganta Bayajidda da Abu Yazid, wanda ya yi wa Fatimawa tawaye a Arewacin Afirka ya mutu a 947. Hallam a 1966 ya bi wannan hanya da gyare-gyare. Abdullahi Smith a 1970 ya juya tambayar gaba ɗaya: sarauta a wurinsa daga ciki ta tsiro, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, ba wani jarumi ne ya zo da ita a kan doki ba. Yusufu Bala Usman ya bi wannan layi a aikinsa kan Katsina da aka buga a 1981. Sannan ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda a Infaƙul Maisuri ya danganta sarakunan Hausa da Bawo, bawan Sarkin Borno.

In kin jera su ɗaya bayan ɗaya, shafi biyar ne. In kin haɗa su, ga irin sakin layin da zai fito:

"Saɓanin masana a kan labarin Bayajidda ya samo asali ne daga irin shaidar da kowa ya ɗauke shi. Masu ganinsa a matsayin tunawa da ƙaura (Palmer da Hallam) sun dogara ƙwarai da kamancin sunaye, hujjar da ba ta iya nuna lokacin da labarin ya samu. Masu ganin sarauta daga ciki ta taso (Smith da Usman) sun fi ƙarfi wajen bayanin birni da tsarin mulkinsa, amma hakan bai amsa dalilin da ya sa fadoji suka riƙe labarin ba. Ruwayar Bello, wadda ta sa Bawo da Borno a gaba, tana nuna cewa labarin kansa ya sha sauyi, don haka tambayar da ta rage ita ce wa ya amfana da kowace ruwaya, kuma a wane zamani."

Duba jimlar farko, babu sunan kowa a cikinta, hukuncinki ne. Sunayen sun koma shaidu. Jimlar ƙarshe kuwa ita ce giɓin da ake ta ce miki ki nemo, kuma daga cikin jayayyar ya fito.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kullum sai na gamu da shi. Ɗalibai sun ɗauka cewa auna aikin babban malami rashin kunya ne. Ka ce wa ɗalibi ina raunin hujjar wane, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ni wa, Farfesa ne fa." Da wannan tunani ake haifar da babi mai shafi talatin wanda kowa a cikinsa "ya yi ƙoƙari matuƙa", har mutum biyu da suka ƙaryata juna ƙiri-ƙiri a yabe su a shafi ɗaya. To wa ke da gaskiya? Ranar kare kundi mai jarrabawa na waje wannan tambayar zai yi, kuma "duka sun yi ƙoƙari" ba za ta fisshe ki ba. Smith bai zagi Palmer ba da ya ƙi ra'ayinsa, hujja ya kawo. Da ya yi shiru don ladabi, da har yau kamancin suna muke bi. Ladabi a rubutun ilimi shi ne ki kawo ra'ayin mutum da cikakken ƙarfinsa, yadda in ya karanta zai ce haka nake nufi, sannan ki nuna inda hujjarsa ta tsaya. Ki rubuta "hujjar ba ta kai ga nuna kaza ba", ki ba da shafi. Wanda ya yabi littafi a jimla guda ya wuce, sau da yawa ma bai buɗe shi ba.

Kuma laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Wasu sassan har yanzu suna tilasta a raba babin zuwa kundaye, mujallu da bugaggun littattafai, sai ka ga mai da'awa yana shafi na 12, wanda ya yi masa raddi yana shafi na 31, don kawai ɗaya maƙala ya rubuta ɗaya littafi. Ga kuma masu sayar da tsofaffin kundaye a shagunan bakin makaranta, su canza sunan gari su miƙa wa yaro, shi ya sa "ba a taɓa yi a garinmu ba" ta zama giɓin kowa. Canza gari ba giɓi ba ne, sai in kin nuna abin da ke garin da zai iya sauya amsar.

Akwai iyaka da za ki kiyaye. Kada ki ƙirƙiro rigima inda babu, kuma kada ki cusa mutum a rukunin da bai dace da shi ba. Masanin tarihi Dierk Lange, alal misali, ra'ayinsa a kan labarin Bayajidda ya sauya tsakanin rubuce-rubucensa na farko da na baya, don haka dole ki faɗi wanne kike nufi, da shekararsa.

In sashenku ya dage a kan wancan rabo na kundaye da mujallu, kada ki ja da su ana saura wata biyu. Ki bar kanun yadda suke so, ki tsara abin da ke ƙarƙashin kowanne bisa ra'ayi, ki ƙara sashe na shafi biyu a ƙarshe da zai haɗa jayayyar wuri ɗaya. Kafin ki taɓa babin kuma, ki kai wa mai duba aikinki jadawalin nan da jimlolin farko na kowane sashe a takarda guda, ya amince da su tukuna.