Daga yanke ƙafa zuwa jirgi mai saukar ungulu

Tambaya: Malam, na karanta cewa likitocin soja na zamanin da yanke hannu da ƙafa kawai suka sani. Wace fasaha ce ta sauya wannan al'amari?

Amsa: Ba rashin sani ne ya sa suke yankewa ba, lokaci ne da kayan aiki suka yi musu ƙaranci. Harsashi yakan farfasa ƙashi, ya tura ƙasa da tsumman riga cikin nama, kuma tun da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, raunin yakan ruɓe cikin 'yan kwanaki. Yanke gaɓar da wuri shi ne ceton rai a wancan zamani.

Wanda ya fara karya lagon jinkiri shi ne Dominique Jean Larrey, likitan sojojin Faransa. A shekarun 1790 ya ƙirƙiro kekunan doki marasa nauyi waɗanda suke kwaso masu rauni ana tsakiyar fafatawa, maimakon a bar su kwance har a tashi daga yaƙi. Ya kuma kafa ƙa'idar fara duba wanda rauninsa ya fi tsanani, ko hafsa ne ko kurtu, kuma daga nan tsarin tantance masu rauni ya samo asali. A yau, idan masu rauni suka fi ƙarfin likitoci, akan gabatar da wanda zai mutu in an jinkirta amma zai rayu in an hanzarta, sauran su jira.

Mu ɗauki sojan da ɓarɓashin bam ya tsinke masa babbar jijiyar jini ta bayan gwiwa. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kimanin awa 6. A Yaƙin Duniya na Biyu irin wannan soja yakan iso a makare, ƙafar ta yi sanyi, ba a jin bugun jini a idon sawu, sai likita ya ɗaure jijiyar, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na masu wannan rauni sun rasa ƙafar. A yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, ƙaramin jirgi mai saukar ungulu ƙirar Bell H-13, wanda ake ɗaura gadon ɗaukar majinyaci a kowane gefensa, yakan kai shi asibitin tafi-da-gidanka kafin wa'adin ya cika. Nan likita zai ɗinke jijiyar, ko ya ciro wata daga cinya ya yi mata ƙari. A ganina jirgin bai warkar da kowa ba, lokaci ya sama wa mai fiɗa.

Sai dai tsarin yana aiki ne idan sararin sama yana hannunka. A yaƙin Yukren, jirage marasa matuƙa da makaman kakkaɓo jirgi sun hana ɗaukar masu rauni ta sama daga bakin daga, har maɗaurin tsaida jini yakan daɗe a ƙafa fiye da awa 6, wanda hakan ya sa yanke gaɓa ya sake yawaita.