Amsar tambayar Malama kan tambayar da ba a san amsarta ba

"Malamai, don Allah idan ɗalibi ya yi mini tambaya a aji ban san amsarta ba, yaya zan yi ba tare da na zubar da girmana ba?"

Assalamu alaikum. Malama, abin da nake yi shi ne in ce "ban sani ba" sau ɗaya, ba tare da kame-kame ba, sannan nan take in raba tambayar gida biyu a gaban yara: abin da na tabbatar, da abin da nake zato kawai.

Wata ɗaliba a ajina na ƙaramar sakandare a nan Kano ta taɓa tambayata dalilin da ya sa wake yake daɗewa bai nuna ba a gidan kakarta da ke Jos. Na ce mata ban sani ba, amma na tabbatar cewa ruwa yana tafasa ne a digiri 100 a bakin teku, kuma ina zaton tudun Jos yana da hannu a ciki. Na rubuta kalmar "zato" a allo da manyan baƙaƙe, domin yaro yakan kwafe zaton malami a littafinsa a matsayin gaskiya, har ya kai shi ɗakin jarrabawa. Daga nan muka tsara inda za mu duba tare: taswira domin sanin tsayin garuruwan biyu, babin matsin iska a littafin kimiyya, da ma'aunin zafi daga ɗakin gwaji. Na kuma yanke rana, na ce Alhamis.

Ranar Alhamis muka tafasa ruwa, muka tsoma ma'aunin ba tare da ya taɓa gindin tukunya ba, domin gindin ya fi ruwan zafi, sai ya tsaya kaɗan sama da 98. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, kuma kowace mita 300 tana rage kusan digiri ɗaya saboda iska ba ta danne ruwan sosai, wato a Jos ruwa yana tafasa a wajen 96. Duk da haka na faɗa musu cewa gwajinmu ruwa kawai ya auna, domin tsohon wake ma yana da taurin nuna ko a ina aka dafa shi, saboda haka sai ta tambayi kakarta ko waken na bana ne.

Abin da nake roƙonki ki guje masa shi ne cewa "ku je ku bincika, aikin gida ne" alhali ke ma ba ki sani ba, domin yara suna ganewa, kuma wanda ya yi tambayar zai ga kamar ya jawo wa aji hukunci. Ki rubuta tambayar a bayan littafin shirin darasinki tare da ranar da kika yi alkawari, ki buɗe darasin wannan ranar da ita kafin komai.